Yadda Ake Rubuta Rahoton Ƙwarewar Aiki Don Neman Rajistar Injiniya

Mutanen da za su karanta rahotonka injiniyoyi ne da suka daɗe a bakin aiki, kuma tambaya ɗaya ce a ransu tun daga shafin farko: shin za a iya barin wannan mutum ya yanke shawara shi kaɗai, ya sa hannu a kanta, ba tare da rai ko dukiyar jama'a ta shiga haɗari ba? Takardar digiri ta riga ta nuna ka yi karatu, jerin wuraren da ka yi aiki kuma ya nuna ka halarta. Abin da ya rage wa rahoton shi ne ya nuna shawarwarin da ka yanke da kanka, da dalilin da ya sa ka zaɓi wata hanya ka bar wata, da yadda abin da ya biyo baya ya canza aikinka na gaba. Yawancin rahotannin da ake mayar wa masu su, ba rashin aiki ne ya kayar da su ba. Masu su sun bayyana girman ginin da tsawon titin da kyau, amma ko'ina aka duba ba a ga hannunsu ba.

Fara da ma'aunin hukumar da za ka kai wa

Kafin ka rubuta ko jimla ɗaya, nemi takardar da hukumar rajista ta fitar kan abin da take aunawa, ka karanta ta da biro a hannu. Kowace ƙasa da tsarinta. A Birtaniya ana amfani da ma'aunin UK-SPEC, wanda ya kasa ƙwarewa gida biyar daga A zuwa E: ilimi da fahimta, zane da warware matsalolin injiniya, ɗaukar alhaki da jagoranci, sadarwa da mu'amala da mutane, sai riƙo da ɗa'ar sana'a. Hukumar ECSA ta Afirka ta Kudu tana da ma'aunai 11. A Najeriya COREN ce ke yin rajista, kuma tana neman aƙalla shekara huɗu na aiki bayan kammala digiri, haka ma yawancin jihohin Amurka shekara huɗu suke nema. Sunaye da adadi sun bambanta, amma idan ka jera su za ka ga kusan abu guda suke bi.

Daga wannan takarda ka fitar da abubuwa uku: iyakar kalmomi ko shafuka, harshen da ake so a rubuta da shi, da wanda ya cancanci ya sa hannu ya tabbatar da abin da ka faɗa. Wasu hukumomin suna da fom nasu da ba a yarda a sauya ba. Ka kwafe ma'aunan a takarda guda ka ajiye kusa da kai, domin za ka dawo musu a ƙarshe.

Tono tarihin aikinka kafin ka zaɓi abin da za ka faɗa

Ƙwaƙwalwa tana riƙe manyan ayyuka ta zubar da ƙananan shawarwari, alhali su ne rahoton yake buƙata. Don haka ka koma ga takardu: littafin da kake rubuta aikin kullum, bayanan taruka, wasiƙun da ka aika wa ɗan kwangila, lissafin da sunanka ke kai, zanen da aka gyara saboda abin da ka lura da shi, sakamakon ɗakin gwaji. Ka yi jadawali, kowane aiki da layinsa: watan farawa da na gamawa, muƙaminka, wanda kake ƙarƙashinsa, mutanen da ke ƙarƙashinka, da abu mafi nauyi da aka bar maka ka yanke.

Wannan gurbi na ƙarshe ne zai gaya maka gaskiya. ECSA tana da sikeli mai hawa biyar da na ga yana da amfani ko da ba can za ka nema ba. A hawa na farko kana kallo ana yi, a na biyu kana taimakawa, a na uku kana yin aikin ana duba ka kusa-kusa, a na huɗu kana yin aikin ana duba sakamako kawai, a na biyar kuma aikin naka ne, kai ake tambaya idan ya lalace. Sa wa kowane layi lambarsa ba tare da son kai ba. Abin da ake so a gani shi ne lambobin suna hawa da shekaru, kuma na baya-bayan nan sun kai hawa na huɗu da na biyar. Idan duk layukanka sun tsaya a biyu da uku, matsalar ba ta rubutu ba ce. Gara ka je wurin shugabanka ka nemi a damƙa maka wani yanki na aiki kacokan, ka ƙara shekara guda, da ka kai rahoton da za a dawo maka da shi.

Kada ka bar giɓi a jadawalin. In akwai watannin da ba ka yi aikin injiniya ba, rubuta su a layi guda ka wuce.

Zaɓi ayyuka kaɗan, ba lallai manya ba

Ayyuka uku ko huɗu da aka shiga cikinsu sosai sun fi goma da aka taɓa sama-sama, sai dai in hukumar ta ƙayyade adadi. Sauran su tsaya a jadawali. Jarabar da ke kama kowa ita ce zaɓar aikin da ya fi suna, gada ko matatar mai ko tashar lantarki. Amma a irin wannan aiki matashin injiniya galibi ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma wasu ne suke yanke shawara a sama. Ƙaramin gini da kai ne injiniyan da ke tsaye a kansa ya fi ba ka abin faɗa.

Ka gwada kowane aiki da tambaya uku. Akwai lokacin da hanya ta rabu biyu, kuma ni na zaɓa ko na ba da shawarar da aka bi? Ina da lambobi da takardu a kai? Zan iya zama minti ashirin ana yi mini tambayoyi a kansa ban kame-kame ba? Wanda ya tsallake duka ukun, shi ne na rubutawa. Kuma ka nemi ayyukan da wani zare ya haɗa su, wato abin da ka koya a na farko ya bayyana a na biyu. Za mu zo kan wannan.

Rubuta labarin aiki guda

Mu ɗauki misalin da na ƙirƙira domin bayani. Injiniyan gine-gine ne, shekararsa ta uku a aiki, yana wakiltar kamfanin da ya yi zane a wurin ginin ofis mai hawa uku. Ga yadda mutane da yawa za su rubuta shi:

«Na yi aiki a ginin ofis mai hawa uku. An kula da ingancin kankare yadda ya kamata. An samu matsala a wasu ginshiƙai, amma muka warware ta cikin nasara tare da ɗan kwangila. Na koyi muhimmancin kula da inganci.»

Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da mai tantancewa zai iya ba maki. Wa ya gano matsalar? Mece ce ita? Wa ya yanke yadda za a yi? Wanda ya leƙa wurin sau ɗaya ma zai iya rubuta waɗannan jimloli huɗu.

Labarin da ya yi kyau yana buɗewa da taƙaitaccen bayanin aikin, jimla uku ko huɗu: irin ginin, lokacin, muƙaminka, wanda kake kai wa rahoto, da iyakar ikonka. Sai ya shiga matsalar da lambobinta. A misalinmu, zane ya nemi kankare mai ƙarfin 30 N/mm² a kwana 28. An zuba ginshiƙai takwas na tsakiyar hawan ƙasa a rana guda, kowanne 300 mm × 300 mm da rodi huɗu masu kaurin 20 mm. Da aka fasa kiyub ɗin gwaji na kwana bakwai, matsakaicinsu ya ba da 16 N/mm². Kankaren siminti na yau da kullum yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana bakwai, don haka wajen 20 ake sa ran gani. Ga yadda injiniyan zai rubuta matakinsa na farko:

«Da na ga 16 N/mm², na ƙiyasta cewa kankaren zai tsaya wajen 24 a kwana 28. Yarjejeniyar kwangila ba ta ba da damar ƙin kankare da sakamakon kwana bakwai ba, amma an shirya zuba dekin a kan waɗannan ginshiƙai bayan kwana biyar. Na lura cewa da zarar an zuba shi, gyaran kowane ginshiƙi zai buƙaci a tokare dekin ko a yi wa ginshiƙin riga, wanda ya fi tsada da wahala nesa ba kusa ba. A ranar na rubuta wa ɗan kwangila umarnin dakatar da zuba dekin a wannan ɓangare, na sanar da babban injiniya ta waya sannan a rubuce, kuma na ba da shawarar a mayar da ma'aikata ɗaya ɓangaren ginin, inda akwai aikin mako uku.»

Dubi abin da wannan sakin layi ya ɗauko. Akwai ilimi, domin ya san alaƙar kwana bakwai da kwana 28. Akwai sanin kwangila. Akwai hangen abin da zai faru in an yi jinkiri, da kula da jadawalin aiki, da sanar da na sama. Bai ce ko sau ɗaya «na nuna jagoranci» ba, kuma ba ya buƙatar faɗa.

Daga nan sai binciken sanadi. Ya duba takardun kwaɓin ranar, ya ga siminti da tsakuwa daidai suke da na sauran ranaku. Abin da ya bambanta shi ne an yi ruwan sama da dare, yashi ya jiƙe, mai kula da injin kwaɓi kuma ya zuba ruwa daidai yadda ya saba bai rage ba. Ba a kuma yi gwajin mazurari da ke nuna yawan ruwan kwaɓi a ranar ba. Ruwa ya yi yawa a kan siminti, ƙarfi ya sauka. Yana da kyau ya ambaci abin da ya duba ya kawar, misali cewa kiyub ɗin sun kwana cikin ruwa yadda ya dace kuma an fasa su a injin da aka tantance, domin wani lokaci laifin na kiyub ne, ginshiƙin lafiyarsa ƙalau.

A kwana 28 kiyub suka ba da 24. Domin ya tabbatar da abin da ke cikin ginshiƙan kansu, ya nemi a huda uku a ciro ɓargon kankare, bayan an gano inda rodi yake da na'ura don kada a yanke shi. Da aka mayar da sakamakon zuwa ma'aunin kiyub, ya dace da 24 ɗin.

Yanzu aka zo mararraba, kuma nan ne ya kamata rahoton ya fi daɗewa. Hanyoyi uku ne a gabansa: a rushe takwas ɗin duka, a karɓe su duka, ko a sake lissafi a ga wanne zai ɗauki nauyinsa. Ya yi lissafin da ƙa'idar BS 8110 da aka yi zanen da ita, ta gajeren ginshiƙi mai tokari da ke ɗauke da bim kusan daidai ta kowane gefe:

```
N = 0.35 fcu Ac + 0.67 fy Asc
Ac = 88,743 mm²   Asc = 1,257 mm²   fy = 460 N/mm²
fcu = 30:  N = 932 + 387 = 1,319 kN
fcu = 24:  N = 745 + 387 = 1,132 kN
```

Shida daga cikin ginshiƙan nauyin zanensu bai wuce 980 kN ba, don haka ko da kankaren 24 suna da rarar wajen kashi 15 cikin ɗari. Biyun da ke ƙarƙashin tankin ruwa na saman gini kuwa suna ɗauke da 1,210 kN, wanda ya haura 1,132. Sai ya rubuta:

«Na ba da shawarar a rushe ginshiƙai biyu a sake zuba su, a karɓi shida. Ban goyi bayan rushe duka ba saboda lissafi bai nuna buƙatar haka ba. Ban yarda da roƙon ɗan kwangila na a karɓi duka ba saboda biyun sun gaza da kusan 80 kN. Kafin in ba da shawarar karɓar shidan, na auna kaurin kankaren da ya rufe rodi, domin kankare mai yawan ruwa ya fi barin danshi ya kai ga ƙarfe. Na same shi daidai da zane, kuma ginshiƙan na cikin gini ne. Babban injiniya ya duba lissafina ya sa hannu, mai ginin ya amince a rubuce. An sake zuba biyun cikin kwana huɗu, kiyub ɗinsu suka ba da 33 N/mm² a kwana 28.»

Wannan shi ne hukuncin injiniya da ake nema: zaɓi fiye da ɗaya, ma'aunin da aka bi, abin da aka ƙi da dalilinsa, da sakamakon da aka auna. Hanyar da ka ƙi tana da nauyi daidai da wadda ka bi, domin ita ce ke nuna ka yi tunani. In ka rubuta abin da aka yi kawai, mai karatu ba zai san ko kai ka zaɓa ko umarni ka bi ba.

Cikakken lissafi ba ya shiga jikin rahoto. Layi biyu ko uku na sakamako sun isa, shafukan lissafin kuma su tafi rataye a ƙarshe da lambar da za a nemo su. Wani abin lura a gefe: an janye BS 8110 a Birtaniya a 2010, Eurocode 2 ta maye gurbinta, ko da yake har yanzu ana aiki da ita a ƙasashe da dama. Ka faɗi ƙa'idar da ka yi amfani da ita da bugunta, ka kuma shirya amsa in an tambaye ka dalilin zaɓenta.

Ga injiniyan lantarki, mararrabar tana iya zama kaurin waya da faɗuwar wuta a doguwar tafiya. Ga na injuna, zaɓin famfo ko sanadin da ya sa wani ƙarfe yake karyewa a wuri guda. Ginin labarin bai canza ba.

Faɗi iyakar alhakinka daidai

Da yawa daga cikinmu muna jin nauyin cewa «ni na yi», sai mu fake da «muka yi» ko «aka yi». A wannan takarda hakan cutar kai ne, domin kai ake aunawa, ba kamfaninku ba. Duk inda kai ne ka yi, ka ce kai ne. Duk inda wani ne, ka faɗi muƙaminsa.

Kuskuren da ke ɗaya gefen ya fi muni, wato cin aikin wani. A misalinmu injiniyan ya ce ya ba da umarnin dakatarwa, domin wannan yana cikin ikonsa. A kan rushewa kuwa «na ba da shawara» ya ce, ya kuma faɗi wanda ya sa hannu. Da ya rubuta «na amince da karɓar ginshiƙai shida», duk wanda ya san aikin zai gane cewa injiniyan da ba shi da rajista ba ya da wannan hurumi, kuma daga nan za a fara shakkar sauran rahoton. Sanin inda ikonka ya tsaya da lokacin da ya kamata ka kai magana sama yana cikin abin da ake ba maki. Kalmomin aikatau su ne ke ɗauke da wannan bambanci: na lura, na lissafa, na ba da shawara, na umarta, na amince. Kowace da nauyinta, ka zaɓi wadda takardunka za su goyi baya.

Alhaki kuma bai tsaya ga lissafi ba. Ka nuna inda ka riƙe kuɗi ko jadawali ko mutane, da inda ka tsaya kan tsaron lafiyar ma'aikata da muhalli. A labarin ginshiƙan, jimla biyu kan yadda ya tsara rushewar, da killace wurin, da hana kowa tsayawa kusa, za su cike wannan gurbi. Ƙin roƙon ɗan kwangila kuma shi ne misalinsa na ɗa'ar sana'a, wanda ya fi shafi guda na kwafo dokokin ɗa'a daga littafin hukuma.

Nuna darasi ta hanyar aikin da ya biyo baya

«Na koyi muhimmancin kula da inganci» jimla ce da kowa zai iya rubutawa ko da bai koyi komai ba. Shaidar koyo ita ce canjin hali, kuma a aiki na gaba ake ganinsa. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ka nemi ayyukan da zare ya haɗa.

Injiniyan namu zai fara da faɗin nasa rabon a matsalar: ba a yi gwajin mazurari a ranar ba, kuma yana cikin aikinsa ya tabbatar an yi. Faɗin haka ba ya rage masa daraja a idon masu tantancewa, domin sun san babu wanda ya yi shekaru a aiki bai taɓa sakaci ba, kuma rahoton da babu tangarɗa ko ɗaya a cikinsa yakan sa su ɗaga gira. Sharaɗin kawai shi ne gyaran ya biyo baya. A labarin aiki na biyu, wani rumbun ajiya da ya riƙe a shekararsa ta huɗu, sai ya nuna cewa tun kafin a fara ya nemi a yi kwaɓin gwaji, ya sa a riƙa auna danshin yashi kowace safiya a rage ruwa daidai da shi, ya kuma hana a zuba kwaɓin da ba a gwada ba. Ya kawo adadin kiyub ɗin da aka fasa da mafi ƙarancin abin da suka bayar. A aiki na uku kuma, inda ƙananan injiniyoyi biyu ke ƙarƙashinsa, ya nuna ya rubuta tsarin a takarda, ya koya musu, kamfanin ya ɗauke shi don sauran wuraren aikinsa.

Mai karatu ya ga mutum guda a matakai uku: ya gano matsala bayan ta auku, ya hana ta aukuwa, sannan ya sa wasu suna hana ta. Kwasa-kwasan da ka halarta ma haka za ka yi da su. Maimakon jera sunayensu kawai, ɗauki ɗaya ko biyu ka faɗi abin da ya tura ka neman su da inda ka yi amfani da su.

Sirri, hotuna da mai tsaya maka

Nemi izinin kamfani kafin ka saka zane, lissafi ko adadin kuɗin kwangila. In sun ƙi, cire sunan mai aikin ka bayyana shi da nau'insa. Kada ka ambaci sunan ɗan kwangila ko ma'aikacin da ya yi kuskure. Muƙami ya wadatar. Hoto ko zane ya shiga ne kawai idan rubutun ya yi nuni da shi.

Mai tsaya maka ya zama injiniya mai rajista da ya ga aikin da idonsa. Babban suna da bai san ka ba ba zai amfane ka ba idan aka kira shi. Kai masa daftarin da wuri, ka roƙe shi ya nuna duk inda yake ganin ka ƙara gishiri ko ka rage wa kanka. In ka bar wani kamfani da daɗewa, fara neman tsohon shugabanka tun yanzu, domin wannan ne yakan jinkirta mutane fiye da rubutun kansa. Kuma kada ka ɗauki rahoton abokin aikinka ka sauya suna, ko da aiki ɗaya kuka yi. Wannan laifin ɗa'a ne da kan iya rufe maka ƙofar rajista.

Tacewa da shirin ganawa

Da ka gama daftari, ɗauko takardar ma'aunan nan. A gefen kowane sakin layi rubuta harafi ko lambar ma'aunin da ya cika. Sakin layin da bai samu ko ɗaya ba, yawanci bayanin girman aiki ne ko tarihin kamfani, a rage shi ko a cire. Ma'aunin da bai bayyana a ko'ina ba kuma giɓi ne, ka koma jadawalinka ka nemo misalinsa. Bayan haka ka bi duk «muka» da «aka» ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka wa ya yi. Sannan ka gwada kowace lamba da kwanan wata da takardar asali, ka tabbatar watannin da ke cikin rahoto sun dace da na fom da na wasiƙun masu tsaya maka.

Yawancin hukumomi suna kiran mai nema ganawa, kuma daga rahoton suke ciro tambayoyi. Don haka kada ka saka abin da ba za ka iya bayyanawa da baki ba. Ka ba wani injiniya da bai san aikin ba ya karanta ya yi maka tambayoyi masu zafi. A labarin ginshiƙan, ga irin waɗanda za su zo: me ya sa ba ka sa an rushe takwas ɗin tun a kwana na bakwai ba, maimakon jiran mako uku? Amsarsa tana cikin rahoton, cewa kwangila ba ta ba da wannan dama ba kuma akwai aiki a ɗaya ɓangaren, don haka jiran bai ci lokaci ba. Da ɓargon kankaren ya ba da 20 fa? A nan ƙarfin ginshiƙin zai sauka zuwa wajen 1,008 kN, rarar da ke kan 980 ba ta kai kashi uku cikin ɗari ba, ga kuma damuwar ɗorewa, don haka sai ya ce da ya ba da shawarar a rushe duka. Wannan ƙa'idar lissafi ta dace da ginshiƙin kusurwa? Ba ta dace ba, domin bim ɗin da ke kansa ba daidai suke ta kowane gefe ba, dole a lissafa lanƙwasa tare da nauyi. Ka rubuta irin waɗannan tambayoyi ga kowane aiki da ka zaɓa, ka yi lissafin amsoshinsu tun a gida, ka tafi ganawar da kwafin rahoton da ratayensa a hannu.